Yadda ake ɗaukar kwafin faifan shaida ba tare da an ɓata shi ba

Na taɓa ba wani yaro da nake koya wa aiki filashi mai gigabayit 16, na ce ya ɗauke shi tamkar shaidar da za a kai kotu. Ya fitar da hash ɗinsa daidai, wato lambar da ke canzawa in an canza ko mene ne a cikin filashin, ya rubuta a takarda. Sai zuciyarsa ta raya masa ya ɗan leƙa ciki kafin ya ɗauki kwafi, ya buɗe takardu biyu ya rufe. Da ya gama kwafin, lambar da ta fito ba ta yi kama da ta farko ba ko kaɗan. Ya yi ta rantsuwa bai goge komai ba, kuma gaskiya ya faɗa. Tsarin ajiyar fayil na filashin FAT32 ne, shi kuwa yana ajiye ranar da aka buɗe kowane fayil a karo na ƙarshe. Buɗewar da ya yi ta shafe tsohuwar ranar ta sa ta ranar nan. Abin da ya fi min ciwo, tambayar aikin ita ce yaushe aka buɗe waɗannan takardu na ƙarshe, kuma da hannunsa ya share amsar.

Saboda haka matakin farko ba a kan kwamfuta yake ba, a kan takarda yake. Kafin ka jona komai, ka ɗauki hoton abin a inda ka same shi, ka ba shi lamba, ka rubuta kamfanin da ya ƙera shi, girmansa, lambar da ke jikinsa, wanda ya miƙa maka, wurin, rana da lokaci. Kai da shi ku sa hannu. Wannan takarda ita ce tarihin hannayen da shaidar ta bi, kuma duk sanda abin ya tashi daga wani hannu zuwa wani, ko da daga teburinka zuwa kabad ne, sai an ƙara layi: wa ya bayar, wa ya karɓa, yaushe, don me. Ni da biro nake so a cika ta, in an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai a sa hannu a gefe, kada a goge. Awa uku da babu wanda zai iya cewa ga inda filashin yake sun ishi lauya ya tambaye ka abin da ba ka da amsarsa.

Mataki na biyu, ka toshe hanyar rubutu. Abin da ya dace shi ne na'urar hana rubutu, wadda ake sawa tsakanin faifan da kwamfuta, tana barin karatu ya wuce amma tana tare duk umarnin rubutu. Tana da tsada, na sani, amma in aikin zai je kotu ka ara ko ka yi haya. Don koyo a gida Linux mai GNOME ya wadatar, muddin ka kashe buɗewar kai tsaye tun kafin ka soka filashin:

```
gsettings set org.gnome.desktop.media-handling automount false
lsblk
sudo blockdev --setro /dev/sdb
```

Wannan kulle na manhaja bai kai na'urar ƙarfi ba, domin sai bayan ka jona yake fara aiki. Windows kuwa kada ka kusance ta da shaida ba tare da na'urar ba, tana iya ƙirƙirar jakar System Volume Information ba ta tambaye ka ba. Ka kuma duba `lsblk` sau biyu don ka tabbatar da sunan faifanka. `/dev/sdb` shi ne faifan gaba ɗaya, `/dev/sdb1` ɓangare ɗaya ne kawai, kuma masu koyo kan kwafi ɗaya su auna ɗayan, sannan su zauna suna mamaki.

Yanzu hash. Lissafi ne da ke cinye kowane bayit na faifan ya fitar da gajeriyar lamba mai tsayi ɗaya kullum. SHA-256 yana ba da baƙaƙe 64, ko abin da aka ba shi kalma ɗaya ne ko faifai mai terabayit biyu. Gwada da kanka:

```
printf abc | sha256sum
printf abd | sha256sum
```

Na farkon zai fara da `ba7816bf` a kowace kwamfuta a duniya. Na biyun, da harafi ɗaya kacal ya bambanta, zai fito da lamba dabam ɗungurungum. Dalilin da ya sa ake fitar da ita kafin a fara bincike ke nan. Lambar ba ta san abin da ya faru da faifan jiya ba, abin da take tabbatarwa shi ne tun daga lokacin da aka fitar da ita babu bayit ɗin da ya motsa. In ka fitar bayan ka gama tone-tonenka, ɓarnar da ka yi kawai ka buga wa hatimi. Abin da ya gabaci wannan lokaci takardar nan ce ke tsaya masa, shi ya sa lambar ma a kan takardar ake rubuta ta, a gaban mai shaida, ba a bar ta cikin fayil kusa da kwafin ba inda mai canza ɗaya zai iya canza ɗayan.

Tsofaffin kayan aiki har yanzu suna fitar da MD5 da SHA-1. An nuna tun 2004 cewa ana iya ƙera fayil biyu dabam masu MD5 iri ɗaya, a 2017 kuma Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka yi wa SHA-1 haka. In fom ya nemi MD5 ka ba shi, amma SHA-256 ya kasance a kusa da shi. Yanzu sai ɗaukar kwafin da manhajar `dc3dd`, tare da hash kafin da bayan:

```
sudo sha256sum /dev/sdb
sudo dc3dd if=/dev/sdb hof=shaida01.dd hash=sha256 log=shaida01.log
sha256sum shaida01.dd
```

Lambobi uku za ka gwama: ta faifan kafin kwafi, wadda `dc3dd` ya lissafa yana karantawa, da ta kwafin. Ka bi baƙaƙen 64 duka, ba huɗun farko ba. Kwafin nan ya ƙunshi kowace sekta, wato kowane ƙaramin yanki na faifan, har wuraren da aka goge fayil, shi ya sa girmansa yake daidai da na faifan ko da rabinsa fanko ne.

In ba su yi daidai ba, kada ka ɓoye, kada kuma ka yi ta maimaitawa har su dace. Ka buɗe `shaida01.log` tukuna. Faifai mai lalatattun sektoci yakan sa a cike gurbinsu da sifiri, kuma za ka ga an ambace su a ciki. SSD yana iya share wuraren da aka goge da kansa da zarar ya sami wuta, ko da na'urar hana rubutu a jone. In kuma da manhajar Guymager ko FTK Imager ka ɗauki kwafin a tsarin fayil na E01, `sha256sum` a kan fayil ɗin ba zai taɓa ba ka lambar faifan ba, domin an matse shi an ƙara masa bayanai, `ewfverify` ake amfani da shi. Duk wanda ya faru, ka rubuta shi da lokacinsa.

Sauran mai sauƙi ne. Ka mayar da asalin cikin jaka, ka liƙe, ka sa hannu a kan bakin liƙin, ka ƙara layi a takarda. Ka yi wa kwafin wani kwafin, ka auna shi, shi za ka buɗe a manhajar bincike ta Autopsy. In ka gama ka sake aunawa kafin ka rubuta rahoto. A Najeriya sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar da ke bayyana yadda aka samar da bayanin da na'urar da aka yi amfani da ita, don haka ka rubuta sunan kwamfutar da sigar `dc3dd` tun ranar, kada ka bari sai an kira ka kotu.