Kurakuran da aka fi yi da IRR idan kuɗi ya fita, ya shigo, ya sake fita

A ce kamfani zai buɗe wurin fasa dutse. Yau ya zuba naira miliyan 100, bayan shekara ya samu miliyan 230, a shekara ta biyu kuma dole ya kashe miliyan 132 wajen cike rami da gyara filin. Kuɗi ya fita, ya shigo, ya sake fita: alamar kuɗin, wato ragi ko ƙari, ta juya sau biyu ke nan.

Babban kuskure shi ne ɗauka cewa IRR ɗaya ce tak. IRR ita ce kason ruwan da idan aka rage darajar kuɗin gaba da shi, NPV, wato jimillar kuɗin shiga da na fita a darajar yau, za ta zama sifili. A wannan aikin kaso biyu ne ke yin haka. Gwada kashi 10 cikin 100: miliyan 230 ta koma 209.09, miliyan 132 ta koma 109.09, a cire 100, babu saura. Kashi 20 ma haka, 191.67 da 91.67. Ƙa'idar alamomi ta Descartes ta nuna cewa amsoshin suna iya kaiwa yawan juyin alamar, wani lokaci kuma ba a samun ko ɗaya.

Excel ba zai gaya maka ba. Daga kashi 10 yake fara lalube, ya miƙo amsar da ya fara cin karo da ita. Rubuta -100, 230 da -132 a A1 zuwa A3, ka canja masa mafari ka gani:

```
=IRR(A1:A3,0.05)
=IRR(A1:A3,0.25)
```

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne bin dokar nan ta "IRR ta fi tsadar jari, a karɓa". Idan jarin yana ci maka kashi 5 a shekara, amsoshin biyu duk sun haura shi, sai ka ce kakarka ta yanke saƙa. Amma NPV a kashi 5 asara ce ta kusan naira dubu 680, domin a ƙaramin ruwa kuɗin cike ramin yana nan da nauyinsa. A kashi 15 kuwa, wanda ya riƙe amsar kashi 10 zai ƙi aikin, alhali akwai riba ta kusan dubu 190. Tsakanin kashi 10 da 20 kaɗai aikin ke da riba, ita ma ba ta taka kara ta karya ba a kan jarin miliyan 100.

Gyaran: kafin komai, ƙirga sau nawa alamar ta juya. In ta wuce ɗaya, lissafa NPV a kaso daban-daban, daga sifili zuwa 30, ka ga inda take tsallake sifili, sannan ka yanke hukunci da ainihin tsadar jarinka. A kula, kuɗin yau ba ya shiga cikin baka, in ba haka ba shi ma za a rage masa darajar shekara guda:

```
=NPV(0.15,A2:A3)+A1
```

Wasu kan koma ga MIRR, wato IRR da aka yi wa gyara, don tana ba da amsa ɗaya. A ganina ta dace da rahoton da aka nace sai an ga kaso, amma amsar tana canjawa da ruwan sake juya kuɗin da kai ka zaɓa, don haka a rubuta shi a fili kusa da ita.