Wasikar neman rage shif lokacin jarabawa

Salam 'yan uwa dalibai masu aiki a nan Jos. Duk mai son a rage masa shif saboda jarabawa, don Allah kar ya jira sai ana gobe. Ranar da aka manna jadawali ka rubuta, ko da sati biyu kafin a fara, domin manaja shi ma sai ya sake tsara rosta kuma ba zai ji dadi ba a ce ranar Litinin da safe ya ga babu kowa a kanta.

Abin da ke kashe wasikar shi ne a ce "a rage min aiki" kawai, nawa za a rage, zuwa yaushe? Ka fadi komai filla-filla. Misali:

"Ranka ya dade, ina rokon a rage min shif daga kwana biyar zuwa uku a sati, daga 3 zuwa 21 ga wata, saboda jarabawarmu a Jami'ar Jos. Zan rike Juma'a da yamma, Asabar da Lahadi. Na yi magana da abokin aikina ya yarda zai karbi Talata da Alhamis dina. Ranar 22 zan dawo yadda na saba. Ga kwafin jadawalin a hade. Na gode."

To amma ka tabbata abokin ya yarda da gaske kafin ka sa shi a ciki. Ka kuma tambayi oga ko za a yanke albashi, nawa ne, tun yanzu ba sai karshen wata ba. In ya amince da baki ka tura masa sakon godiya a WhatsApp da ranakun a ciki, ka ajiye amsarsa.