Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Haɗa Goge da Kalangu da Algaita

A yawancin bukukuwan al'ada da ake shiryawa a ɗakunan taro na Abuja, mai shirya taro yakan ɗauko mai goge da mai kalangu da mai algaita ya jera su a dandamali ɗaya, ya ce su fara tare. Daga nan sauran kurakuran suke fitowa, domin a gargajiyance kowane ɗaya daga cikin ukun yana da jama'arsa da abokan tafiyarsa, kuma ba rukuni guda ba ne.

Algaita ta sarauta ce, kuma busa ta ake yi, saboda haka mai ita mabushi ne. Aikinta shi ne kirarin sarki ko hakimi, musamman a ƙofar fada da lokacin hawan salla, inda ganguna suke mara mata baya, wani lokaci tare da kakaki. Mabushi yana tara iska a kumatunsa yana shaƙar wata ta hanci, shi ya sa sautin ba ya yankewa. An yi ta domin fili, don haka idan aka sa mata makirfo a cikin ɗaki sai ta danne kowa. Kuskuren da ya fi wannan nauyi shi ne a busa wa wani babban baƙo taken da na wani basarake ne, alhali akwai masu sarauta a zaune waɗanda suke gane abin da algaitar take faɗa. Gyaransa shi ne a sanar da mabushi tun kafin taro wanda zai shigo da kuma sarautarsa.

Kalangu kuwa kayan kiɗan jama'a ne, an san shi da mahauta, da fagen dambe, da dandalin 'yan mata, kuma da shi makaɗan Mamman Shata suka raka waƙoƙinsa har ya rasu a 1999. Mutane da yawa suna ɗaukar sa abin riƙe amo kawai, wanda ba haka ba ne, domin kalangu magana yake yi. Makaɗi yana rataye da shi a hammata, idan ya matse tsirkiyoyin da suka haɗa fatun bakin biyu sai sautin ya hau, idan ya sassauta sai ya sauka. Da haka yake bin karin harshe: sunan Audu yana farawa sama ya sauka, na Bala kuma yana farawa ƙasa ya hau, kuma ƙwararre zai bambanta su da hammatarsa. Wanda ya umarce shi da ya tsaya a kan amo ɗaya ya raba shi da aikinsa, tunda riƙe amo na ƙananan ganguna ne irin su kuntuku. Ana kuma yawan kiran kotso da jauje kalangu saboda dukansu masu siririn ƙugu ne, amma waɗannan biyu na makaɗan fada ne, kuma kotso baki ɗaya kawai aka rufe masa, da hannu ake kaɗa shi.

Goge ne ya fi shan wahala a irin wannan haɗi. Ƙwarya ce aka rufe da fatar guza ko damo, aka ɗaura mata tsirkiya ɗaya ta izgar doki, ana goga ta da baka wanda shi ma na izga ne. Shi ke jan waƙa yana amsa wa mawaƙi, masu kiɗan ƙwarya suna riƙe masa amo, ko a wajen bori ko a wajen rawa. Ƙanensa shi ne kukuma, kuma bai kamata a ɗauke su ɗaya da kuntigin Ɗan Maraya Jos ba, wanda kaɗa shi ake yi, ba gogawa ba. Muryar goge ba ta kai ta algaita ba, sannan danshin damina ko sanyin na'urar ɗakin taro yakan saki fatarsa, sai a ji sautin ya dushe kamar mai mura. Idan aka ji haka, a ba mai gogen lokaci ya ɗumama fatar, idan kuma bakan yana zamewa ya shafa masa ƙaro.

A ɗauki misalin walimar naɗin sarauta da aka shirya a wani ɗakin taro a Garki. Mabushi da masu ganga su tsaya a bakin ƙofa, ba tare da makirfo ba, su yi wa basaraken busa daga saukowarsa mota har ya zauna, sannan su yi shiru. Bayan jawabai sai a ba masu kalangu fili, lokacin da ake kiran sunayen abokai da 'yan kasuwa suna fitowa liƙi. Goge ya zo daga ƙarshe tare da masu ƙwaryarsa, a sa masa makirfo kusa da fatar, a kuma tambayi masu gidan tun da wuri ko sun yarda da shi, domin akwai gidajen da har yanzu suke ƙyamar sa saboda alaƙarsa da bori.