Kurakuran da ake tafkawa wajen rubuta minit ɗin mitin na sayit, da yadda ake gyara su

Na daɗe ina riƙe biro a mitin ɗin sayit, kuma abun da na gane shi ne ranar da aka rubuta minit ba wanda ke karanta shi, kowa sa hannu kawai yake yi ya nufi motarsa. Sai bayan wata takwas ko shekara, lokacin da mai gini da ɗan kwangila suka fara nuna wa juna yatsa kan kuɗi, sannan za ka ga an zaro fayil ana karanta shi kalma kalma, kuma sau da yawa mai karantawar ma bai taɓa taka wajen aikin ba. Toh wannan mutumin kake rubuta wa.

Bari in ɗauki aiki ɗaya in bi shi, ginin bene mai ajujuwa shida na wata makaranta mai zaman kanta da na riƙe wa minit, kusan duk kuskuren da zan faɗa ni na yi shi da hannuna a wannan aikin. A takardar kwangila ranar kammalawa 30 ga Satumba ce, tarar jinkiri kuma naira 50,000 duk rana.

A mitin na biyar, ranar 10 ga Yuni, an kai bulo har linta a ƙasa, sai Alhaji mai makarantar ya zagaya ya ce shi fa tagogin nan sun yi masa ƙanana, yara za su sha zafi, a faɗaɗa su kuma a sa na alminiyam maimakon luba. Kowa ya ce toh ranka ya daɗe. Ni kuma na rubuta cewa an tattauna batun tagogi kuma za a duba. Shikenan, layi ɗaya.

Wannan kalma ta "an tattauna" da ƴar uwarta "za a duba" su ne manyan masu kashe minit. Waye ya ce? Wace taga, guda nawa, a wane ɓangare? Waye zai duba ɗin kuma zuwa yaushe? Hausa tana da daɗin ɓoye mai aiki, an ce, an yi, za a kawo, kuma ko da Turanci kake rubutawa kamar yadda aka saba a yawancin sayit, wannan ɗabi'ar tana biyo ka. Abun da ya kamata in rubuta shi ne: mai gini ya nemi a faɗaɗa tagogi 12 na hawan ƙasa daga mita 1.2 zuwa mita 1.8 a kuma canja su zuwa alminiyam, akitek zai fitar da sabon zane da umarni a rubuce kafin 14 ga Yuni, ɗan kwangila zai dakatar da aikin bangon da abun ya shafa har zane ya iso, kuma ya faɗa a gaban kowa cewa canjin zai ci kuɗi ya ci lokaci. Kaga nan akwai suna a kan kowane aiki, akwai rana, akwai adadi. Ni yanzu ko tebur nake ja, layin ƙarshe na dama sunan wanda zai yi da ranar da zai yi, in layin nan ya zama fanko toh ban gama rubuta wannan batun ba, sai in tsayar da mitin in tambaya.

Akwai kuma wani abu a cikin wannan labarin da mutane ba sa lura, wato wa ke da ikon bada umarni. Alhaji shi ke da kuɗi, gaskiya ne, amma a yawancin kwangilolin da aka rubuta da tsari umarnin da ke ɗaure ɗan kwangila shi ne wanda ya fito daga akitek ko injiniyan da kwangila ta ambata. A sayit kuwa kowa mai umarni ne, ƙanin Alhaji zai zo ya ce a matsar da ƙofa, hedimasta zai ce a ƙara soket, in ka rubuta duk wannan a matsayin umarni ka haɗa rigima. Maganar mai gini a rubuta ta a matsayin buƙata, sai akitek ya mayar da ita umarni da lambarsa, kai kuma a mitin na gaba ka rubuta lambar umarnin da lambar sabon zanen kusa da batun. Umarnin baki ma yana da hanyarsa, a tsarin JCT, wato wani samfurin takardar kwangilar gini na Birtaniya, ɗan kwangila yana tabbatar da shi a rubuce cikin kwana 7, in akitek bai musa ba cikin wasu kwana 7 ya zauna. Amma dan Allah ka buɗe taku kwangilar ka duba, don ana yawan sauya waɗannan sharuɗɗan.

Sabon zanen bai iso ba sai 24 ga Yuni, kwana 14 kenan birkiloli suna zaune a wannan ɓangaren, kuma ba a iya kafa katakon dekin ba tunda za a fasa linta a sake zubawa. Me na rubuta a mitin na shida? Wai aiki yana tafiyar hawainiya saboda wasu dalilai. Wallahi ranar da aka karanto wannan layin a gabana kunya kamar ƙasa ta tsage.

Jinkiri in za a rubuta shi yana buƙatar ranar da ya fara, ranar da ya ƙare ko kuma a ce har yanzu yana ci, wane aiki takamaimai ya tsaya, da kuma abun da ya jawo. Sai a kula da na ƙarshen nan, mai rubuta minit ba alƙali ba ne, kar ka rubuta laifin wane ne. In ɗan kwangila ya ce zane ne ya riƙe shi, akitek kuma ya ce ai yana iya cigaba da matakala a lokacin, rubuta duka biyun kowa da sunansa. Ruwan sama ma haka, kowa a watan Agusta cewa yake ruwa ya hana mu aiki, alhali wanda ya karɓi aiki ya san damina za ta zo, yawancin kwangila sai ruwan ya wuce abun da aka saba ake ƙara lokaci a kansa. Don haka a ɗauko daga littafin sayit, ranar kaza an yi ruwa daga ƙarfe 11 zuwa la'asar, an fasa zuba kankare, lebura kaza sun koma gida. Kuma in tifa ce ba ta kawo tsakuwa ba a ranar shi ma a rubuta, don wani lokacin ruwan fakewa ce kawai.

Ƴan kwangila kuma ga naku. Da yawa suna ɗauka tunda sun faɗa a mitin an kuma sa a minit, toh sun sanar kenan. Ba lallai ba. A tsarin FIDIC, wato samfurin takardar kwangila na ƙasa da ƙasa, in kana neman ƙarin lokaci ko kuɗi sai ka aika sanarwa cikin kwana 28 daga ranar da ka san da matsalar ko ya kamata ka sani, in ka wuce haƙƙin na iya faɗuwa gaba ɗaya. Da a ce aikinmu a kan wannan tsarin yake, in aka ƙirga daga 10 ga Yuni da ƙofa ta rufe 8 ga Yuli. Minit hujja ce mai taimakawa, amma wasiƙa daban ake rubutawa, ni abun da nake yi yanzu shi ne in sa layi cewa ɗan kwangila ya ce zai aiko da sanarwa a rubuce, a mitin na gaba kuma in rubuta ko ta iso da ranar da ta iso.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi a wannan aikin shi ne na ranar kammalawa. A mitin ɗin Agusta Alhaji ya matsa, ya ce malam ka faɗa min gaskiya yaushe zan sa yara a ajin nan, ɗan kwangila ya sosa ƙeya ya ce in sha Allahu ƙarshen Oktoba. Alhaji ya ce Allah Ya kai mu. Ni kuma na rubuta an amince za a kammala aiki ranar 31 ga Oktoba.

Aikin ya ƙare 31 ga Oktoban kuwa. Da aka zo biyan ƙarshe mai ƙididdigar kuɗi na ɓangaren Alhaji ya cire tarar kwana 31, naira miliyan 1 da dubu 550, ɗan kwangila ya zaro minit ɗina ya ce ga shi an amince da sabuwar rana, ba wanda ke binsa sisi. Alhaji ya ce shi addu'a ya yi, bai ƙara wa kowa lokaci ba. Kuma kowannensu yana da abun kamawa a layin nan nawa. An kwashe makonni ana jan magana kafin akitek ya koma littafin sayit da ranar da aka karɓi zane ya ba da ƙarin kwana 14 na tagogi, ranar kwangila ta koma 14 ga Oktoba, tara ta zama ta kwana 17, naira 850,000.

Ranaku iri uku ne kuma ba a haɗa su a layi ɗaya. Akwai ranar da ke cikin kwangila, akwai ranar da aka ƙara a hukumance da takardar akitek ko injiniya, akwai kuma ranar da ɗan kwangila ke hasashen zai gama. Yanzu a saman kowane minit nake jera su ukun, ko ba abun da ya canja, kuma in hasashe ne sai in ƙara cewa wannan hasashen ɗan kwangila ne, ba a ba da ƙarin lokaci ba. Kalmar "an amince" kuwa ba na rubuta ta sai na ɗaga kai na tambayi ɓangarorin biyu, da me kuka amince, in karanta musu su ji. Sannan "ƙarshen wata" ko "bayan Sallah" ba rana ba ce, a sa lamba. A kuma fayyace me ake nufi da gamawa, ginin ya isa a shiga ne, ko har da fenti na waje da kwalbati.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma suna cizo. Minit ya fita cikin kwana biyu ko uku tun kowa yana tune da abun da ya ce, ba daren mitin na gaba ba, a ba da kwana 7 na gyara, abu na farko a zama na gaba kuma shi ne tabbatar da na baya. In an sami gyara kar ka koma ka goge a tsohon, rubuta gyaran a sabon. Tura shi a WhatsApp ba laifi amma a matsayin PDF, kuma a bar kofi mai sa hannu a ofishin sayit. Lambar batu kuma kar ta canja, batun taga in ya shigo a matsayin 5.3 toh 5.3 zai cigaba da zama a mitin na shida da na bakwai har ranar da za a rubuta an rufe, da haka wanda ya buɗe fayil zai ga tun mitin na biyar ake jiran zanen nan ba sai ya tambayi kowa ba.