Yadda ake gyara modem mai cikakken sabis amma ba ya buɗe komai

Sandunan sabis da kake gani a cike suna nufin modem ɗinka yana jin eriyar kamfani ne kawai. Ko kamfanin ya ba layinka izinin shiga intanet, wannan magana ce daban. Don haka ka daina yawo da kwamfuta daga taga zuwa tsakar gida.

Fara duba fitilar jikinsa. A yawancin modem na Huawei, idan tana ƙiftawa to ya ga netwok amma bai haɗu ba, idan ta tsaya cak ya haɗu.

Sai ka zare sim ɗin ka sa a waya, ka kashe Wi-Fi, ka kunna data. Wannan gwajin shi ke raba gardama. Idan wayar ma ta ƙi, matsalar a layi take. Danna *323#, lambar duba data da NCC ta sa duk kamfanoni suka koma amfani da ita a 2023. Kada ka tsaya a yawan giga, karanta ranar ƙarewa da irin datar. Ta dare ko ta WhatsApp kaɗai za ta nuna maka kana da saura, amma da rana tsaka ba za ta buɗe maka shafin JAMB ba. Idan kira ma ba ya fita, duba haɗin NIN ta *996#.

Idan kuwa waya ta buɗe, to saura APN, wato ƙofar da modem ke bi ya shiga intanet na kamfanin. Wani ƙanena a Tudun Wada, nan Gombe, ya sayi modem na hannu da aka riga aka buɗe wa kowane layi. Sabis fal, data giga 3, amma shiru kake ji. Ashe saitin tsohon mai shi ne a ciki, na wani kamfani daban. Waya takan ɗauki saitin da kanta, tsohon modem kuwa ba kullum ba.

Mayar da sim, ka buɗe burauza ka rubuta 192.168.8.1 idan Huawei ne mai shafi, ko ka buɗe manhajarsa idan tsohon yayi ne. A shafin shiga Settings, sannan Dial-up, sannan Profile Management, a manhajar kuwa Tools, sannan Options, sannan Profile Management, ka ƙirƙiri sabo da APN na layinka:

```
MTN     web.gprs.mtnnigeria.net
Airtel  internet.ng.airtel.com
Glo     gloflat
```

Idan ya nemi Dial number, sa *99#. Inda aka fi tuntuɓe shi ne a adana sabon saitin a manta ba a mai da shi Default ba, sai modem ya ci gaba da bin tsohon. Mu ma sai da muka yi wannan kuskuren. Mai da sabon saitin Default, zare modem, ƙirga goma, mayar, ka jira fitilar ta tsaya.