Yadda za ki rubuta wa makaranta wasiƙar ba yaronki antibayotik ana cikin darasi

Kafin ki ɗauki biro, duba takardar da ke jikin kwalbar. Idan maganin sau biyu ko sau uku ne a rana, kamar amoksisilin, galibi ba sai kin yi wasiƙa ba: da safe, bayan an taso, sai lokacin barci, in likita ya amince. Mai wahalar shi ne na sau huɗu, irin fulukulokzasilin da ake bayarwa don maruru da ciwon fata. Ba a shan sa a kan abinci, sai da kamar awa ɗaya kafin a ci, ko awa biyu bayan an ci. In ana cin abincin rana da ƙarfe 12:30, shan maganin ya faɗo 11:30 ke nan, malami na tsaka da koyarwa.

Wannan dalilin ne zuciyar wasiƙar. In ba ki faɗe shi ba, malama za ta jira a fita tara ta ba shi da abinci, da kyakkyawar niyya kuwa, alhali abincin yana rage yawan maganin da ke shiga jiki. Ga misali:

"Zuwa ga Shugabar Makaranta. Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa, ina roƙon a ba ɗana da ke aji uku dama ya sha fulukulokzasilin na ruwa, mil 5 (miligiram 250), da ƙarfe 11:30 kullum, daga Litinin zuwa Juma'ar wannan mako. Likita ya ce kada ya sha da abinci, shi ya sa lokacin ya faɗo cikin darasi. A ajiye kwalbar a firij, a girgiza kafin a auna. In an manta, kada a ninka, a kira ni. In aka ga ƙuraje a jikinsa, a dakata a sanar da ni. In kuwa leɓe ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, a kai shi asibiti nan take."

Sai cikakken sunan yaron, lambar wayarki, kwanan wata da sa hannu. Kada ki rubuta "cokali ɗaya", don cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Rubuta mil, ki haɗa da sirinjin awo.

Kai wasiƙar da kanki, tare da maganin a kwalbarsa ta asali, kada ki jefa a jakar yaro. Tambayi wa zai riƙa ba shi, da ko akwai fom da za ki cike. Kullum in an taso ki karɓo kwalbar, don sauran sha biyu suna jiransa a gida.