Babi na 6: Karanta Takardar Hoton Hanta

Darasi na 1: Kafin a shiga ɗakin hoto

Idan likita ya rubuta muku hoton ciki, wanda ake ce wa sikanin, ku je da azumin awa 6 zuwa 8. Ruwa zalla kaɗan ba laifi. Shayi da burodi kuwa abinci ne, koko ma abinci ne. Na faɗi haka ne saboda wani ɗalibinmu ya sha koko da ƙosai a Agege, ya hau mota har asibiti, aka ce ya dawo gobe. Abinci yana tara iska a hanji, iskar ta tare hoton, matsarmama kuma ta tsuke.

Za ku kwanta rigingine, a shafa muku wani mai mai sanyi a ƙasan haƙarƙarin dama, a ce ku ja numfashi ku riƙe. Babu allura, babu zafi.

Darasi na 2: Haske

Hoton baƙi da fari ne. Mai hoto yana ɗauko hanta da ƙodar dama a allo ɗaya, ya gwada su. Lafiyayyiyar hanta launinta ɗaya da naman ƙodar, ko ta ɗara shi haske kaɗan. Idan kitse ya taru a cikinta sai ta yi fari fat, ƙodar kuma ta koma duhu a gefenta. A nan haske ba alamar lafiya ba ne, alamar kitse ne. A takarda za ku ga kalmomi irin waɗannan:

```
Fatty liver, Grade 2
Surface: smooth
```

Layin farko yana nufin hanta mai kitse, mataki na 2. Matakan uku ne. A na 1 hasken kaɗan ne, ana ganin komai. A na 2 bangon jijiyoyin jinin da ke cikin hantar ya fara ɓacewa, kamar fitilar mota a cikin hazo. A na 3 can ƙasan hantar ma ba a iya hangowa sosai.

To, a nan ne ake faɗuwa, don haka ku saurara. Wannan lambar ta yawan kitse ce. Ba ta ciwon daji ba ce, ba kuma ta tabo ba ce. Duk ajin da na koyar sai an samu wanda ya ga 3 ya fara rubuta wasiyya. Ku maimaita tare da ni: lambar ta kitse ce. Madalla. Wanda bai riƙe ba ya sake karantawa, babu kunya a ciki.

Darasi na 3: Gefe

Wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci a mayankar Oko-Oba ya riga ya san rabin darasin nan. Ɗauki hantar rago mai lafiya ka shafa bayanta: sumul take, bakinta na ƙasa kuma siriri ne kamar bakin wuƙa. Haka ta mutum take. Idan kitse ya cika ta sai ta ƙara girma, bakin ya dakushe ya yi kauri kamar gefen matashin kai, amma bayanta yana nan sumul. Idan kuwa tabo ya cinye ta, bayan sai ya yi gudaji-gudaji, cikinta ya yi kaushi, daga baya ta tsuke.

Saboda haka bayan kun ga maganar haske, kada ku naɗe takarda. Ku sa yatsa ku gangara ku nemi layin da ya yi maganar baya ko gefe. Kalmar `smooth` tana nufin sumul. Kalmar `nodular` ko `irregular` tana nufin gudaji. Kalmar `cirrhosis` ita ce sunan tabon da ya yi nisa. Ku kwafe waɗannan guda huɗu a littafinku, kowace sau biyar.

Ga misali daga ajinmu. Wani mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, shekararsa 46, nauyinsa kilo 90, yana da ciwon suga, ya zo da takardarsa hannu na rawa. Ya ce, "Malam, an ce mataki na 2, saura ɗaya ke nan?" Na ce, "Alhaji, sa yatsa a layi na gaba." Ya haɗa baƙaƙen a hankali, ya fito da kalmar sumul. Tsawon hantarsa santimita 17, ta ɗan wuce ƙa'ida, wadda ba ta cika haura 15 ko 16 ba. Saifarsa daidai, babu ruwa a cikinsa. Wannan hanta ce mai kitse, kuma irinta tana iya komawa daidai.

A makon nan kuma wani mai gadi daga Obalende, siriri, ya nuna mini tasa yana murmushi, wai shi ba a rubuta masa kowane mataki ba. Da muka gangara sai ga gudaji, saifa santimita 15 alhali bai kamata ta wuce 12 ko 13 ba, ga kuma ruwa kaɗan a cikinsa. Jini ya kasa ratsa hantar da ta taurare, ya koma baya, shi ya kumbura saifar. Gwajin jini ya nuna ciwon hanta nau'in B. Mai murmushin nan shi ne ya fi buƙatar likita a ranar.

Kun gani? Haske yana faɗin kitse, gefe yana faɗin tabo. A karanta haske, sannan a karanta gefe. Makon jiya na tambaya, mutum uku kawai suka nemi layin gefe, sauran suka tsaya a lamba. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Yatsa a kan takarda, a gangara ƙasa.

Sai dai ku sani, sumul ba shaidar cewa babu tabo ko kaɗan ba ce. Tabon farko-farko ba ya fitowa a wannan hoton, kitse kaɗan ma yakan ɓuya. Shi ya sa likita yakan ƙara gwajin jini, wani lokaci kuma da na'urar auna taurin hanta mai suna `FibroScan`.

Darasi na 4: Idan kitse ne

A yi gwajin suga, da na kitsen jini, da na ciwon hanta nau'in B da C. A rage nauyi da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari, a hankali, cikin watanni. Ga Alhajinmu mai kilo 90, wannan kilo 6 zuwa 9 ke nan. Ya bar lemon kwalba, ya rage sukarin shayi da tulin shinkafar dare, yana taka ƙafa minti 30 kullum. Giya kuwa a bar ta ɗungurungum.

Darasi na 5: Idan tabo ne

A ga likitan hanta. A maimaita hoto duk wata 6, domin a kama daji da wuri idan ya ɓullo. Nau'in B yana da maganin da ke danne shi, kuma a gwada iyali, wanda ba ya ɗauke da shi a yi masa rigakafi. A rage gishiri da dunƙulen miya. Jiƙe-jiƙen da ake tallarsu a tasha da sunan wankin hanta, da ƙwayoyin ciwon jiki na kemis, kada a sha sai likita ya yarda.

Aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, ruɗewa ko yawan barcin rana: asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Darasi na 6: Aikin gida

1. Da wace gaɓa ake gwada hasken hanta?
2. Mataki na 3, na mene ne?
3. Bayan layin haske, wane layi za ku nema?

Wanda yake da tsohuwar takardar hoto a gida ya zo da ita ranar Asabar.